Oda ta shigo, wa ake jira? Yadda wata mai sayar da atamfa a Kano ta tsara saƙonninta a WhatsApp Business

Hajiyar da wannan nazari ya shafa tana sayar da atamfa da leshi daga gida, a wata unguwa cikin Kano. Ba ta da shago. Tana saro kaya a Kantin Kwari, ta shimfiɗa su a falo a ɗauki hoto, a ɗora a Status, masu so su yi magana. Na cikin gari ɗan sahu ke kai musu, na nesa kuma a kai tasha a ba direba. Wayar kasuwanci guda ɗaya ce, kuma hannu biyu ke riƙe ta: Hajiya da dare da kuma ranakun da ba ta fita, sai 'yar wanta, wadda ta gama sakandare tana zaune a gidan, a duk lokacin da Hajiya ta shiga kasuwa. Alat ɗin banki kuwa ba wannan wayar yake shiga ba, wayar Hajiya ta kanta yake shiga. A riƙe wannan, domin a nan rabin matsalar take.

A yawancin watannin shekara wannan tsari yana tafiya da ka kawai, ba rubutu. Inda yake karyewa shi ne daga tsakiyar Sha'aban zuwa goman farko na azumi, lokacin da kowa ke rige-rigen kai ɗinki kafin teloli su ce sun rufe karɓa. Hoto ɗaya a Status zai jawo saƙonni da yawa cikin awa guda, kuma kusan duk abu ɗaya suke tambaya: nawa ne, akwai wata kala, kuna kaiwa Kaduna, turo lambar asusu. WhatsApp yana jera hira ne bisa wadda ta fi sabon saƙo. Saboda haka matar da ta biya kuɗinta da hantsi ta yi shiru tana jiran kaya, ita ce za ta nutse can ƙasa, wadda kuma ke tayi tun safe ba ta da niyyar saye tana nan a sama kullum. A wata shekara an sayar wa mutum biyu turmi ɗaya wanda shi kaɗai ya rage a wannan zanen, sai da aka mayar wa ɗaya kuɗinta da ban haƙuri. An kuma taɓa samun wadda ta biya, kayanta suka kwana biyu a leda a bayan ƙofa, Hajiya da 'yar wanta kowacce tana zaton ɗayar ta aika.

Manhajar da suke kai, WhatsApp Business, kyauta ce, kuma tun watan Janairun 2018 take. Abubuwa biyu da suka gyara musu aiki suna cikinta tun ranar da suka sauke ta, ba su dai taɓa buɗe su ba. Dukansu suna ƙarƙashin Business tools: ɗaya Quick replies, wato amsoshin da ake rubutawa a ajiye, ɗayan Labels, wato laƙabi mai launi da ake maƙala wa hira. A wasu sababbin wayoyi sunan na biyun ya koma Lists, amma aikin bai canza ba.

Amsoshin da aka tanada

Yadda abin yake shi ne, za ki rubuta saƙon sau ɗaya, ki ba shi gajeren suna, ki ajiye. Idan kina cikin hira sai ki danna alamar / a wurin rubutu, jerin sunayen ya fito, ki zaɓi wanda kike so. Saƙon rubutu ba ya tafiya da kansa, yana sauka ne a wurin rubutu, kina iya ƙarawa ko ragewa kafin ki tura. Manhajar tana karɓar amsoshi har 50.

Da yarinyar ta gano wannan, zumuɗi ya sa ta cika shi. Kowace irin atamfa ta yi mata amsa, da farashinta a ciki. Mako bai zagayo ba aka ga illar. Hajiya ta dawo daga Kwari da sabon sari, turmin da suke bayarwa naira 18,000 ya koma 21,000, an gyara a Status amma ba wanda ya tuna da amsar da ke ajiye. Wata kwastoma ta tambaya, aka danna, tsohon farashi ya tafi, ita kuma nan take ta tura kuɗin turmi biyu. Ba yadda za a yi a ce mata ta ciko bayan ga rubutu a gabanta. Hajiya ta cika alkawari, naira 6,000 ta tafi.

Daga nan aka goge duk amsar da ke ɗauke da farashi, aka kafa ƙa'ida: abin da ke canzawa ba ya shiga amsar ajiya. Farashi, kalar da ta rage, kuɗin mota, duk da hannu ake rubuta su. Abin da ke shiga shi ne wanda ba ya motsi kuma kuskure a cikinsa yana da tsada, kamar lambar asusu, da kuma tambayoyin da dole a yi wa kowace mai saye. Amsoshin suka dawo guda bakwai. A ganina hakan ya fi, domin jerin da ya kai ashirin sai an tsaya ana karantawa, kuma a cikin sauri ne ake danna wanda ba shi ba.

Mafi amfani a cikinsu ba amsa ba ce ma, tambaya ce. Sun sa mata suna /oda:

```
Don mu ajiye miki, a turo mana:
1. Hoton wanda kika zaɓa
2. Turmi nawa
3. Gari da unguwa
4. Suna da lambar wanda zai karɓa
```

Kafin wannan, oda ɗaya takan ci saƙonni da yawa a warwatse. A tambayi kala da safe, a tuna ba a tambayi gari ba da la'asar, sai an kai kaya tasha direba ya ce ina lambar mai karɓa. Layi na farko yana da dalilinsa. Mata sukan ce "mai ruwan goron nan" ko "wanda kika sa jiya", alhali jiya an sa zane shida kuma uku a ciki suna da ruwan goro. Hoton da ta turo da hannunta shi ne shaida idan magana ta taso daga baya.

Ta biyu ita ce /asusu, mai ɗauke da sunan banki, lambar asusu da sunan da zai fito, sannan da sharaɗi a ƙarshe:

```
Za mu riƙe miki kayan zuwa sallar isha'i ta yau.
Idan kin tura, a turo mana rasit da sunan asusun da aka turo da shi.
```

Neman sunan asusun da aka turo da shi abu ne da sai wanda ya yi wannan sana'a zai san amfaninsa. Da yawa ba da asusunsu suke biya ba. Mijinta ne zai tura, ko ƙaninta, ko ta je wurin mai POS. Alat zai shigo da sunan wani namiji da ba a taɓa ji ba, ga mata uku duk suna cewa sun tura kuɗi iri ɗaya. Sauran amsoshin gajeru ne: yadda ake aikawa cikin gari, yadda ake aikawa ta tasha, ƙa'idar canji idan an sami tabo a jikin kaya, saƙon cewa kaya sun ƙare, da na godiya bayan an karɓa.

Akwai wani gyara da Hajiya ta yi wanda ba na fasaha ba ne, amma ina ganin ya fi sauran nauyi. Wata tsohuwar kwastomarta, babbar mace, ta yi sallama ta tambayi gida da yara, sannan ta tambayi wani leshi. Yarinyar ta danna /oda ta tura, ba ko amsa sallama. Matar ta kira Hajiya a ɗaya wayar ta ce, "Yau kuma ni ake ba fom in cike?" Da Hajiya ta dawo ta yi wa yarinyar magana. Ita kuma ta ce, "Gwaggo, to in sa gaisuwar a cikin saƙon mana, ta riƙa tafiya tare." Hajiya ta ce a'a, gaisuwar da za ta je wa kowa iri ɗaya, safe da dare, babba da yaro, ana ganewa. Abin da aka tsaya a kai shi ne, gaisuwa da hannu ake rubuta ta, da sunan da ake kiran mutum, Hajiya ce ko Anti ko Maman wane, kafin a kira amsar ajiya a biyo da ita. Daƙiƙa kaɗan ce take ci. Shi ya sa ma amsoshinsu duk ba su da sallama a kai, an bar wurin da gangan.

Laƙabi: a rubuta wanda ake jira

Manhajar tana zuwa da laƙabi biyar nata: New customer, New order, Pending payment, Paid da Order complete. Ana iya canza musu suna da launi, a ƙara wasu har su kai 20. Maƙalawa ba wuya: a danne hirar, a taɓa alamar laƙabi a sama, a zaɓa. Kwastoma ba ta ganin abin da aka sa mata. Daga baya idan aka buɗe laƙabi ɗaya, duk hirarrakin da ke ɗauke da shi za su fito wuri guda, komai nisan da suka yi ƙasa.

Da farko da waɗannan biyar ɗin suka fara, ba su kuma yi musu aiki ba, saboda dalilai biyu. Na ɗaya, ana ƙara laƙabi ba a cire na baya, sai ka ga hira guda tana ɗauke da New order da Pending payment da Paid gaba ɗaya, ba wanda zai iya cewa ga inda take. Na biyu, kalmar Paid tana nufin abu biyu a gidan. A wurin yarinyar, an turo rasit ke nan. A wurin Hajiya, ta ga kuɗi a asusunta. Tsakanin waɗannan biyun ne ake cutar masu sana'a, domin hoton rasit ana iya haɗa shi, kuma ko na gaskiya ne, taransifa takan maƙale ko ta koma wa mai ita.

Sai suka sake su gaba ɗaya bisa tambaya guda: a wannan hirar, yanzu, wa ake jira ya motsa? Suka sa lamba a gaban kowanne don a san wanda ke bin wani:

```
1 An ajiye
2 A duba alat
3 A aika
4 A hanya
```

Na farko, kwastoma ake jira ta biya. Na biyu, Hajiya ake jira ta duba banki. Na uku, yarinyar ake jira ta ɗaure kaya ta kira ɗan sahu. Na huɗu, direba ake jira da kuma mai karɓa. Hira ɗaya ba ta ɗaukar biyu daga cikin huɗun nan a lokaci guda, ana sa sabo ana cire tsoho a taɓawa ɗaya, tunda duk a allo guda suke fitowa. Wadda ke tambaya kawai ba ta zaɓi komai ba, ba a sa mata komai. Da kaya sun isa an tabbatar, sai a cire laƙabin a bar hirar haka. Sun watsar da Order complete ne saboda wadda ta saya a Rajab ta dawo a azumi sai a ganta da alamar an gama, ido ya tsallake ta alhali sabuwar oda ta kawo.

Ƙa'ida mafi tsauri ita ce ta tsallakawa daga 2 zuwa 3. Yarinyar ba ta da ikon yin wannan da kanta, ko da rasit ɗin ya yi kyau, ko da kwastomar tana ta kira. Sai Hajiya ta buɗe manhajar bankinta ta ga kuɗin sun zauna, ba saƙon tes kaɗai ba, sannan ta ce a matsar.

Ga yadda oda ɗaya ta bi ta ciki

Wata mata daga Kaduna ta ga zane a Status wajen ƙarfe goma na safe, ta tambayi farashi. Yarinyar ta gaishe ta, ta rubuta 21,000 da hannu, ta biyo da /oda. Matar ta turo hoton, ta ce turmi biyu, ta ba da unguwa da lambar ƙaninta wanda zai je tasha. Yarinyar ta tashi ta duba, biyun suna nan. Ta ciro su daga cikin kaya, ta sa a leda, ta rubuta sunan matar a takarda ta jefa ciki. Wannan matakin na hannu shi ke ba laƙabin ma'ana, don "An ajiye" a waya ba ya hana wani ɗaukar turmin da ke kan tari. Daga nan ta rubuta taƙaitaccen saƙo: turmi biyu 42,000, kuɗin mota mai karɓa zai biya a tasha. Ta sa wa wannan saƙon tauraro don a same shi da sauri, ta tura /asusu, ta maƙala 1.

Bayan azahar rasit ya shigo, da sunan mijin matar. Hirar ta koma 2. Yarinyar ta buɗe laƙabin 2, ta ga mutum huɗu ke ciki, ta kira Hajiya sau ɗaya ta karanto mata sunaye da adadi, maimakon kira huɗu. Hajiya tana cikin Kwari, ta duba ta ce uku sun shigo, na Kaduna bai shigo ba. Matar ta fara matsawa, wai a kai tasha kafin motocin yamma su tashi. Yarinyar ta ba ta haƙuri, ta gaya mata gaskiya cewa kuɗin bai sauka ba tukuna amma kayanta suna ajiye da sunanta. Sai bayan magariba suka shigo. Ba yaudara ba ce, jinkirin banki ne, amma da rana ba wanda zai iya bambance su, kuma laƙabin bai buƙaci a zargi kowa ba. Ya dai ce ba a gani ba tukuna.

Washegari da safe aikin farko shi ne buɗe laƙabin 3. Duk wanda ke ciki kayansa za su fita a ranar. Aka kai ledar tasha, aka karɓi lambar direba da lambar mota aka tura wa matar, hirar ta koma 4. Da yamma ƙaninta ya karɓa, ta turo saƙon murya tana godiya, aka cire laƙabin.

Dubawar da ke riƙe da tsarin sau biyu ce a rana. Da safe 3, da dare 1 da 4. Duk wadda ke 1 har isha'i ta wuce ba ta biya ba, a tuna mata sau ɗaya cikin mutunci, idan ba ta amsa ba zuwa safiya a mayar da kayan cikin tari a cire laƙabin. Wadda ta kwana a 4 kuwa, direba ake kira. Akwai kuma hanya mai sauƙi ta gane ko tsarin ya fara lalacewa: a ƙirga ledojin da ke bayan ƙofa, a ƙirga hirarrakin da ke 1 da 2 da 3. Dole adadin ya zo daidai. Idan leda ta fi yawa, akwai wadda aka manta ba a sa wa laƙabi ba. Idan hira ta fi yawa, ko an aika kaya ba a matsar ba, ko kuma an yi wa wata alkawarin abin da ba a ware mata ba, kuma wannan ne mai haɗari.

Inda abin bai kai ba

Akwai laƙabi biyu da suka ƙara waɗanda ba sa motsi, don ba matakin oda suke nunawa ba, halin mutum suke nunawa. Ɗaya "Murya". Kwastomomi da dama ba sa son dogon rubutu, wasu karatun boko bai zauna musu ba, da saƙon murya suke ciniki. Tura wa irin waɗannan jerin tambayoyi huɗu a rubuce shiru kawai yake jawowa, a yi zaton sun fasa. Idan aka ga wannan laƙabin, da baki ake yi musu tambayoyin, lambar asusu kaɗai ake turawa a rubuce don a nuna wa mai POS.

Ɗayan "Dillaliya", kuma a nan ne tsarin ya gaza a fili. Laƙabin da suke sawa yana kan hira ne, hira kuma mutum ɗaya ce. Dillaliya takan ɗauki oda uku a mako guda: ɗaya ta biya, ɗaya ta ba da rabi, ɗaya sai mai shi ya gani. Ba lambar da za ta faɗi gaskiyar wannan hirar. Haka ma mai biya kaɗan-kaɗan kafin sallah. Laƙabi ba ya lissafi, ba ya tuna saura nawa, kuma ba ya matsar da kansa. Ranar da aka yi biki a gidan aka wuni ba a taɓa shi ba, washegari sai da suka bi hirarrakin ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa, don laƙabin da ya tsufa ya fi rashinsa ɓatarwa, tunda an riga an saba yarda da shi.

Don haka dillalai suka koma littafi. Kowacce da shafinta: rana, zane, turmi nawa, abin da ta bayar, abin da ya rage. A waya, laƙabin "Dillaliya" aikinsa ɗaya ne, ya gaya wa duk wadda ke riƙe da wayar kada ta ce komai kan kuɗi ko kaya sai ta buɗe shafin. Ledojinsu ma a wani kwali daban ake ajiye su, don kada su shiga ƙirgen na bayan ƙofa.